Yadda ake bidiyon "kafin" da "bayan" na maganin wanke tayil ba tare da an ruɗi kwastoma ba

Assalamu alaikum 'yan uwana mata masu sana'ar sabulun ruwa da maganin wanke banɗaki, daga nan Gusau nike magana da ku. Darasin yau kan bidiyon nan ne da muke sawa a sitatus, a nuna wuri da datti sannan a nuna shi fes. Zan yi shi a gabanku da maganin tayil mai asid a ciki, irin wanda yawancinmu muke haɗawa ko muke sarowa, kuma maganar da za ku faɗa cikin bidiyon ma zan ba ku ita.

To ku dubi bangon wanga banɗaki. Kun ga farin nan da ya kama tayil kamar an yayyafa mai gishiri, da jan nan ƙarƙashin famfo? Ruwan bohol ne ke kawo su. Farin ma'adinin cikin ruwa ne da ke saura in ruwa ya bushe, jan kuma ƙarfen da ke cikin ruwan ne ya yi tsatsa. Sabulu bai cika taɓa su ba, asid ke narka su. Shi ya sa na zaɓi wanga bango, don dattin na gaske ne, ya daɗe. In kin shafa garin gawayi ko laka da safe don ki ɗauki bidiyo da rana, ruwan banza ma zai fidda shi, ba maganinki kika gwada ba.

Abu na farko waya. Ki jingina ta wuri guda, kan kujera ko bokiti, kada ta motsa har a gama. Ki danna allon ki riƙe har ki ga alamar makulli, wasu wayoyin suna rubuta AE/AF LOCK, don kada kamara ta ƙara haske da kanta. Ba filta. Kuma hasken da kika fara da shi da shi za ki gama, in ƙofa a buɗe take ta zauna a buɗe. Da yawa ba da niyya suke yi ba, su ɗauki "kafin" da magariba a duhu, "bayan" kuma da hantsi, sai rana ta yi rabin aikin a ce magani ne.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe. Ki samu salatif ki raba wurin biyu daga sama har ƙasa, ki duba dattin ɓangarorin ya zama kusan ɗaya. Hagu ruwa da burushi kawai. Dama magani da burushin. Guga iri ɗaya, lokaci iri ɗaya. Mi ya sa? Saboda guga ita kanta tana fidda datti, in kin zuba magani kin durza wuri ya yi haske, wa ya san nawa ne aikin hannunki nawa ne aikin kwalba? Ɓangaren hagun nan shi ne shaidarki.

Ga maganar, ku rubuta ku gyara ta da bakinku. Kina nuna bangon a bushe ki ce: "Wanga tayil ɗin banɗaki ne, tabon ruwan bohol ne, ba mu taɓa shi da komi ba. Na raba shi biyu. Hagu ruwa da burushi, dama maganinmu da burushi." Sai ki sa safar hannu ta roba a gaban kamara, ki ɗaga kwalbar a ga sunanta, ki ce: "Na zuba shi yadda yake, ban sirka ba, zan bar shi minti 5 kamar yadda anka rubuta a jikin kwalba." In ke naki ana sirkawa ne ki faɗi ma'aunin, murfi nawa a ruwa lita nawa. Kuma don Allah daga cikin kwalbar da kike sayarwa za ki zuba. Wata takan haɗa mai ƙarfi daban don bidiyo, ta sayar ma mutane mai ruwa-ruwa, wannan algus ne kai tsaye, kuma ranar da Hajiya ta gwada a gidanta ta ga bai yi ba, ba ita kaɗai kika rasa ba, har da matan gidan biki da za ta ba labari.

Ba wanda zai zauna kallon minti biyar a sitatus, na sani. Ki ƙara ma bidiyon gudu ko ki yanke, ba laifi, amma ki aje agogo ko wata waya mai ƙirga lokaci cikin hoton, ki kuma furta: "An yanke nan, minti 5 sun wuce." Sannan ki goga kowane ɓangare minti 2 ana gani, ki ɗauraye duka.

To nan ne wurin da anka fi zamewa. Ku duba yanzu, duka ɓangarorin biyu suna ƙyalli ko? Har hagun da ba a sa ma magani ba. Tayil in yana jiƙe farin tabon nan ɓoyewa yake, ruwa ya rufe shi, sai ya bushe ya dawo. In kin tsaida bidiyo a nan kin nuna ƙarya ko da ba ki faɗi ƙarya ba. Ki goge da busasshen tsumma ki jira ya sha iska sosai. Da iskan hunturu nan da nan ne, da damina sai kin yi haƙuri.

Yawwa, ya bushe, bari in ɓare salatif ɗin. Kun ga hagu, farin ya dawo kusan yadda yake, ɗan dattin sama ne kawai ya tafi. Dama kuwa farin ya fita. Amma ku matso da ido ƙarƙashin famfo, jan ya ragu ƙwarai, saura inuwa-inuwa. Wannan ma ki matso da waya ki nuna shi, ki ce: "Farin ya fita da wanki ɗaya. Jan ya ragu amma bai gama fita ba, yana son wanki na biyu. Tabon da ya daɗe ƙwarai, ko tayil da fuskarsa ta riga ta ci, ba lalle ya koma sabo ba." Wallahi maganar nan ba ta rage ciniki, mai saye ta san abin da za ta tarar, ba za ta kira ki da faɗa ba.

Akwai kalmomin da bidiyonki bai iya tabbatarwa, ki bar su. "Yana kashe ƙwayoyin cuta kashi 99 cikin 100", wannan aikin ɗakin gwaje-gwaje ne, ido bai ganin ƙwayar cuta. "Ba sai an goga ba" alhali kin goga. "Yana wanke komi". Lambar NAFDAC in kina da ita ki nuna, in ba ki da ita kada ki ambata, kada ki ari ta wani. Kuma tun 2022 akwai dokar ARCON, hukumar da ke kula da tallace-tallace a Najeriya, tallan intanet ma yana ƙarƙashinta.

Ƙarshen bidiyon gargaɗi ne, kuma ki faɗe shi da baki a hankali, kada ki sa shi ƙaramin rubutu da ke wucewa kamar walƙiya: "Kada a haɗa shi da bilic, haɗin yana fidda iskar kulorin mai shaƙe mutum. Kada a zuba shi kan tarazo ko mabul, asid na cin su. A sa safar hannu, a buɗe taga, a aje shi inda yara ba su kai." Maganar bilic ɗin nan ki maimaita ta sau biyu, don da yawa in sun ga tabo ya ƙi fita sai su ƙara mai bilic a kai, cikin banɗaki ƙarami kuma a rufe.

Bidiyon asali wanda ba a yanke ba, kada ki goge shi daga waya. Wadda ta ce ba ta yarda ba ki tura mata shi ta kalla tun daga farko. Mai tambaya kan ma'aunin sirki ta turo, sai mu ɗauke shi a darasi na gaba in Allah ya kai mu. Sai anjima.