Keken ɗinki a wata uku: yadda tela zai raba burinsa mako-mako

Malam Sani: Assalamu alaikum, jama'ar Kumasi da na nesa, barkanku da war haka. Sani ne daga Aboabo, tare da Hajiya Rabi da ƙaninmu Awudu. Yau zancen burin wata uku za mu yi, yadda ake yanka shi ya zama jigon wata, sannan ya zama aikin mako. Hajiya, kin ce kada mu yi maganar a iska.

Hajiya Rabi: Ƙwarai, Malam. Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce tela ne a Asawase, yana da keke ɗaya da yara biyu masu koyon aiki. Yana so ya sayi keken ɗinki na lantarki kafin shekara ta ƙare, wato daga Oktoba zuwa Disamba. A ce ya je Adum ya tambaya, an ce masa sidi 7,800. Kuɗin misali ne, kowa ya sa nasa farashin.

Awudu: To ai lissafin ba wuya, Hajiya. Wata uku mako 13 ne. A raba 7,800 gida 13, sidi 600 ke nan kowane mako. Shi ke nan an gama shirin, mu tashi.

Hajiya Rabi: Zauna, ɗana. Nan ne yawancin mutane ke faɗuwa. Mako 13 na kalanda ne, ba na aiki ba. Makon ƙarshe na Disamba akwai hutun ranar 25 da 26, masu kaya sun riga sun karɓi ɗinkinsu, kasuwar ta lafa. Wannan makon na sayen keken ne da duba littafi, ba na tara kuɗi ba. Sannan ka cire wani mako guda ka ajiye shi gefe, don a wata uku dole a yi rasuwa ko suna ko biki da zai rufe shago, ko zazzaɓi ya kwantar da mutum. Saura 11.

Malam Sani: Kuma 11 ɗin ma ba ɗaya suke ba. Ɗinkin Oktoba ba ya kama ƙafar na Disamba. Duk wanda ya ɗora wa kansa 600 a makon farko na Oktoba, zai kasa tun mako na biyu, ya ga kamar shirin ne bai da amfani, ya jefar da takardar. Alhali rabon ne ya karkace.

Awudu: To ta ina jigon wata yake shigowa? Ni a ganina ƙarin rubutu ne kawai.

Malam Sani: Jigon wata shi ne amsar tambaya ɗaya: a wannan watan, daga ina kuɗin zai fito? Ga telan nan, mako na 1 zuwa na 4 jigonsa karɓar bashi da gyara farashi. Mako na 5 zuwa na 8, neman aiki, wato cika littafi da ɗinkin ƙarshen shekara. Mako na 9 zuwa na 11, ɗinki da miƙa kaya, ba wani abu. Kuma a lura, da lambar mako muke ƙirgawa, ba da ranar ɗaya ga wata ba, saboda wata yakan mutu ran Talata ko Laraba ya raba maka mako biyu. Ka ja layi 13 a littafi, kowane layi ya fara ran Litinin.

Hajiya Rabi: Amfanin jigon kuma shi ne yana gaya maka abin da za ka ƙi. Idan a mako na 10 wani ya zo ya ce a buɗe shafin talla, a ɗauki hotunan kaya, amsar ita ce ba watansa ba ne. Wannan aikin Nuwamba ne, ya wuce.

Awudu: To a sa wa kowane wata kuɗinsa mu gani.

Hajiya Rabi: Mako huɗun farko, sidi 450 kowanne, 1,800 ke nan. Huɗu na biyu, 750 kowanne, 3,000. Ukun ƙarshe, 1,000 kowanne, 3,000. Haɗa su, 7,800 cif. Ita 1,800 ta farko ba daga ɗinki za ta fito ba. A ce ya buɗe littafin bashi ya tarar yana bin mutum 14 sidi 2,700. Kada ya sa duka a lissafi. Ni kashi biyu cikin uku nake shawartar a sa, don akwai wanda ya yi tafiya, akwai wanda zai ce rigar ba ta zauna masa ba, akwai surukin da ba za ka iya matsa wa ba. Kashi biyu cikin uku na 2,700 shi ne 1,800.

Malam Sani: A nan nake so in daɗe kaɗan, don nan ne zuciyar maganar. “Zan tara 450 wannan makon” ba aikin mako ba ne, fata ne, domin kuɗin yana aljihun wani. Aikin mako sai ya zama abin da ke hannunka, wanda ran Asabar za ka iya cewa na yi ko ban yi ba. Misali: makon nan zan je wurin mutum huɗu da ƙafata, in fara da masu babban bashi, kuma ba zan tashi ba sai an ba ni rana, ko a turo rabi ta momo, wato ta waya. Mutum 14 a mako huɗu, huɗu, huɗu, uku, uku. Kuɗin shi ne ma'auni, zuwan shi ne aikin.

Awudu: Malam, idan ya je wurin huɗun kuma bai samu ko sisi ba fa?

Malam Sani: To ya san inda matsalar take. Idan bai je ba, laifin ƙafarsa ne, a gyara lokaci. Idan ya je duka bai samu ba, lissafin bashin ne ya yi zaƙi, sai a rage shi tun mako na biyu a nemi cikon a wani wuri. Wanda bai raba aiki da sakamako ba, abin da zai iya faɗa kawai shi ne kasuwa ba daɗi.

Hajiya Rabi: Mu koma ɗinkin. Dole a mayar da kuɗi ya zama riguna, don tela da riga yake tunani. A ce kuɗin ɗinkin kaftani sidi 150 ne. Zare, shafi, maɓalli, wuta da kuɗin abincin yara sun ci 50, saura 100. A ce gida da shago suna cin 1,200 a mako. Riga 12 ke nan kafin ya ajiye ko kwabo. Don ya ajiye 1,000 a Disamba, sai ya ɗinka 22 a mako.

Awudu: Zai iya?

Hajiya Rabi: Tambayar da ya kamata a yi tun Oktoba ke nan. Idan shagon yana fitar da riga huɗu a yini, kwana biyar 20, Juma'a rabin yini biyu, 22 daidai. Wato shirin yana neman duk ƙarfinsa ba ragi. Wuta ta ɗauke yini ɗaya, dutsen guga bai yi zafi ba, ko yaro ɗaya bai zo ba, an rasa huɗu, kuma babu inda za a rama. Duk lokacin da ka ga abin da mako ke nema ya yi daidai da iyakar abin da ka taɓa yi, shirin ya karye tun a takarda.

Malam Sani: Shi ya sa gyaran farashi yake a watan farko. Ya ƙara sidi 20, ɗinki ya koma 170, riba 120. Yanzu raba 2,200 da 120, riga 19 ke nan idan an cike. An samu sararin uku. Na Nuwamba kuwa, 1,200 da 750 sun zama 1,950, riga 17. Kuma ƙarin farashi a Oktoba ake sanar da shi, lokacin da ake iya zama a yi bayani. Ka ƙara a tsakiyar Disamba, za a ce ka ga mutane a matse ne.

Awudu: Na Nuwamba fa, mene ne aikin makon? Riga 17 ai sai an kawo yadi.

Hajiya Rabi: Gaskiyarka. Disamba tana neman riga 57 a mako uku, kuma a Nuwamba ake samo su. Kusan 14 ko 15 a mako zai rubuta a littafi, ban da na makon da yake ɗinkawa. Aikin da ke hannunsa: kiran tsofaffin masu kawo ɗinki, a ce biyar a yini, da zuwa gidan da ake shirin biki a yi maganar anko. Kuma ɗinki bai shiga littafi ba sai an kawo yadi an ba da kafin alƙalami. “Zan kawo, in sha Allahu” ba a ƙirga shi.

Malam Sani: Amma a yi hattara da kafin alƙalamin nan. Yana sa Nuwamba ta yi kyau a ido. Tela ya karɓi rabin kuɗin riga 50, ya zuba a asusun keke, ya ga ya wuce buri. Disamba ta zo, aiki ya yi yawa, kuɗin da ke shigowa rabi ne, zare ma sai an ciro daga asusun. Kuɗin riga ba ya shiga asusun keke sai ranar da mai ita ya karɓa. A ajiye su wuri biyu daban. Wanda ke ba mai susu, wato mai zagayawa karɓar ajiyar kullum, kuma ya tuna, a al'ada zubin yini ɗaya a wata na mai karɓar ne, a sa shi a lissafi.

Awudu: Duba littafin fa, yaushe?

Hajiya Rabi: Asabar bayan la'asar, minti ashirin sun isa. Abu uku zai rubuta a layin makon: aikin da ya ce zai yi ya yi nawa, riga nawa suka fita, nawa ya shiga asusu. A ƙarshen mako na 6 ya kamata a ga 3,300. Idan 2,700 aka gani, giɓin 600 ne. Kada ya ɗora shi duka a mako na 7. Ya raba wa mako biyar da suka rage, 120 kowanne, riga ɗaya ke nan a mako. Wannan mai sauƙi ne.

Awudu: Idan giɓin 1,500 ne?

Hajiya Rabi: 300 a mako, riga uku, Disamba ta koma 22, an koma bakin iyaka. A nan ake buɗe mako na 12 da aka ajiye. Idan an riga an cinye shi a hidima, to a zauna a canza burin da sani: ko keke mai kyau wanda wani ya taɓa amfani da shi, ko a yi magana da mai shago a biya kaso mai yawa, ciko a Janairu. Abin da ba na so shi ne mutum ya ci gaba da kallon 7,800 yana sane ba za ta samu ba, yana karɓar ɗinkin da ba zai gama ba, ya ɓata da masu kaya.

Malam Sani: Farashin ma a sake tambaya a mako na 8. Keken daga waje ake shigo da shi, idan sidi ya motsa shi ma yana motsawa, gara ka ji ƙarin da sauran mako uku na ɗinki a gabanka.

Awudu: Ina da tambaya ta ƙarshe, Malam. Wannan jerin na Oktoba zuwa Disamba ne. Idan azumi ya faɗo cikin wata ukun fa?

Malam Sani: Sai jerin ya juya. Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, don haka ba a kwafe shirin bara. Ka fara sa ranar Sallah a layinta, ka ƙirgo baya: mako uku ko huɗu na azumi ɗinki ne, huɗun da ke gabansu neman aiki, bashi kuma ya koma farko ko ya jira bayan Sallah. Riga huɗu a yini ma sai a sake aunawa, don tela da yawa aikinsu yana komawa dare bayan tarawihi. Makon Sallar kansa a cire shi daga ƙirga.

Hajiya Rabi: Lokaci ya yi, Malam, an kusa kiran magariba.

Malam Sani: To jama'a, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A gaida gida.