Amsoshin Tambayoyinku: Sulalewa, Lallaɓawa da 'Yan'uwansu

Mai gabatarwa: "Shin sassarfa gudu ce ko tafiya?" Tambayar wani ɗalibi ke nan. Malam, bismilla.

Malam: Tana tsakani. Ta wuce saurin tafiya, ba ta kai gudu ba. Taku ne gajeru a jere a jere, irin na wanda ake kira yana so ya isa da wuri amma bai ga dalilin rugawa ba.

Mai gabatarwa: Madalla. Ta biyu kuwa wasiƙu da dama sun zo a kanta, ga ɗaya daga wata mai sauraronmu: "Na rubuta cewa kawuna ya sulale daga wurin taro, sai aka ce na ci mutuncinsa. Ina laifina?"

Malam: To, 'yar'uwa, kin taɓa shi kam, ko da ba ki yi niyya ba. Mu ɗauki mutum ɗaya, taro ɗaya, ƙofa ɗaya, mu riƙa sauya aikatau kawai. In kin ce "ya fita", labari kika ba da, babu yabo babu zargi. In kin ce "ya fice", to ya tafi ke nan gaba ɗaya, kuma sau da yawa ana jin ƙamshin fushi a ciki. "Ya lallaɓa ya fita" na nuna ya taka a hankali don kada ya dami jama'a, wato akwai ladabi. Amma "ya sulale" na nufin ya ɓace ba tare da an ankara ba, mai sauraro kuma nan take zai tambayi kansa, me yake gudu? Bashi ne, ko aikin da za a ɗora masa?

Mai gabatarwa: Wato saurin ɗaya ne.

Malam: Saurin kusan ɗaya ne, niyyar ce ta bambanta. Bari in maimaita don masu rubutawa: mai lallaɓawa yana kiyaye mutane ne, mai sulalewa yana kiyaye kansa. In kuma aka ƙara sauri da tsoro a kan sulalewa, an shiga "ya arce", wanda ake faɗa wa ɓarawo ko wanda ya yi laifi. Ni dai a ganina babba ba ya sulalewa a bakin ɗiyarsa, lallaɓawa yake yi. Kin ga ma wannan kalma ta lallaɓa, ita ce muke amfani da ita wajen rarrashi, a lallaɓa mara lafiya, a lallaɓa tsohuwar mota ta kai gida, duk tausasawa ce...

Mai gabatarwa: Malam, kada motar ta tafi da mu, agogo na kallonmu. 'Yar'uwa, a je a ba kawu haƙuri. Wani kuma ya ce: "Mene ne bambancin gunaguni, mita da ɓaɓatu? A gidanmu duk ana ce mini ina yi."

Malam: Duka ukun? Lallai sai ka sassauta wa mutanen gida. Ka auna su da abu biyu, ƙarfin murya da yawan maimaici. Gunaguni ƙasa-ƙasa ake yin sa, ana jin sautin amma ba a tsintar kalmomin sosai, galibi bayan an sa mutum abin da ba ya so kuma ba shi da ikon ƙi. Mita ba ruwanta da ƙarfin murya, alamarta nanatawa: abu ya wuce tun jiya, yau ma ana kansa. Ɓaɓatu kuwa da ƙarfi ne, cikin faɗa, mai yi ba ya jiran amsar kowa. Kada kuma a haɗa su da sambatu, domin shi magana ce marar kan gado da ke fita ba da cikakken hayyaci ba, kamar ta mai zazzaɓi ko mai barci.

Mai gabatarwa: A rubutun hukuma fa?

Malam: Ba ko ɗaya da zai shiga. Can "ya koka" ko "ya yi ƙorafi" ake cewa. Ka rubuta cewa shugaba ya yi ɓaɓatu, ka riga ka yanke masa hukunci.

Mai gabatarwa: Saura minti ɗaya. "Daidai ne in ce jama'a sun tattaka zuwa fada?"

Malam: A'a. "Sun yi tattaki" za ka ce, wato sun taso takanas a ƙafa don girmamawa ko wata muhimmiyar manufa. "Sun tattaka" kuwa sai an faɗi abin da suka bi ta kai suka murƙushe.

Mai gabatarwa: Mai tambaya kan rangaji da tangaɗi, wasiƙarki na hannuna, da ita za mu buɗe a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.