Ɗan iska da 'yar iska: laccar da aka yi a Maradi

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To, madalla. Abubuwa uku zan taɓo.

Na farko, kalmar iska. Ka je fada da dare, ana shan shayi, wani ya ce wa abokinsa "kai ɗan iska ne wallahi." Me zai biyo? Dariya, har da tafawa. Wani lokaci ma yabo ne, wato yaron ya iya shegantaka. To sauya ɗan ka sa 'yar. A bakin famfo wata ta ce wa budurwa "'yar iska." Babu mai dariya. Kowa ya san zina ake nufi, ko da ba a furta ba.

Ku bi ta da ni, ku ga inda take zuwa. Bayan wata shida an kawo kuɗin gaisuwa, dangin miji sun shigo unguwa bincike. Ba liman kaɗai suke tambaya ba, suna tambayar mai tuyar ƙosai. Ta ce, "ni dai ban gani ba, amma ana faɗa." Shi ke nan. Ana faɗa! Maganar aure ta watse, ƙanwarta ma ta shafu, an ce gidansu ne haka. Shi kuwa ɗan iskan fada an ɗaura masa aure, an ce ai ƙuruciya ce, ya shiryu.

Namiji ma yana da nasa, kada iyayena mata su ce na manta. Rago, mijin-ta-ce, ɗan daudu. Suna da zafi. Amma rago in ya ɗauki kabu-kabu ya yini yana nema, ya dawo da cefane, ya ƙaryata mai zagin a idon kowa. Ita fa? Da me za ta nuna abin da ba ta yi ba? Da me? Shi ya sa Suratun Nur, aya ta 4, ta ɗora nauyin kan mai jifan: ko shaidu huɗu, ko bulala 80, kuma a daina karɓar shaidarsa. Da ana yi, da bakin famfo ya yi tsit.

Na uku... na yi na biyu? To, ku haɗa. In ana son a ƙona ran namiji sai a ce uwarka, a watsa masa yatsu biyar. Ta mace aka bi.

Hajiya, ga hannunki.

"Malam, ai mu mata mu muka fi zagin junanmu da ita."

Gaskiyarki, Hajiya. Kishiya ta san inda ke ciwo, don ita ma da wannan tsoron aka raine ta. Kuma dubi bazawara. Kalmar ba zagi ba ce, amma in ta kama ɗakin haya ita kaɗai, kafin sati an soma cewa zaman kanta take. Bazawari ya kama nasa, maƙwabta na aiko masa da tuwo.

An kira salla? To, a kashe na'urar.