Darasi: Gyaran rubutun hirar rediyo mai hayaniya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga nan Garwa. Yau ga hira a gabana ta minti 12, wadda aka yi da wani dattijo mai sayar da albasa ranar Lahadi a kasuwar Pitoa. An watsa ta a rediyo, ni kuma na ɗauka da waya. Ku saurara kaɗan. Kun ji ko? Babura na wucewa, ga shuuu ɗin rediyo, ga kuma wani gunji can ƙasa wanda wutar caja ta jawo.

Mu fara da gunjin. Wutar lantarkin Kamaru tana tafiya ne a kan 50 Hz, shi ya sa ƙarar take zama can ƙasa da muryar mutum. A cikin Audacity, manhajar gyaran sauti, sai in zaɓi High-Pass Filter, mai tace sautin da ke can ƙasa, in sa 80 Hz, ta ragu sosai. Shuuu ɗin kuwa, sai in nemi daƙiƙa 2 inda ba wanda ke magana, in shiga Noise Reduction, in danna Get Noise Profile, sannan in zaɓi hirar duka in rage da 6 dB. Don Allah kada ku zarce 12. In kun matsa, muryar sai ta koma kamar daga cikin randa ake magana, kuma sautukan s da sh da f su ne ke fara ɓacewa, don sun yi kama da shuuu ɗin. Ƙarar babur kam, haƙuri za a yi da ita, domin wannan tacewar ƙara mai tsayawa wuri ɗaya kawai take kamawa.

Yanzu sai in adana hirar da sunan hira.wav, in miƙa wa Whisper, manhajar da ke mai da magana rubutu:

```
whisper hira.wav --language ha --model large --condition_on_previous_text False --output_format srt
```

Na faɗa masa Hausa ce, don in an bar shi da kansa, daƙiƙa 30 na farko yake saurara ya yanke hukunci, kuma mai gabatarwa da Faransanci ya buɗe shirin. Wancan False ɗin yana rage masa halin maimaita jimla ɗaya sau goma idan ya rikice. Shi kuma srt yana ba ni lokacin kowane layi, in san inda zan koma.

To, ga rubutu ya fito. Kurakuran da ido ke gani ba su ne ke damuna ba. Ya rubuta "kasa" a maimakon "ƙasa", "daya" a maimakon "ɗaya". Amma ko nan kada ku yi sauyin gaba ɗaya da Replace All, domin a layi na 9 dattijon ya ce "na kasa sayarwa", wannan kasa ce ta gaskiya, ba lanƙwasa.

Ku dubi minti 4 da daƙiƙa 10. Na'ura ta rubuta: "Bana mun samu riba." Jimla lafiyayya, mai karatu ba zai tsaya ba. Bari in rage gudu da Change Tempo, kashi 25 cikin 100, wanda ba ya sauya kaurin murya. Ku kasa kunne. "Bana ba mu samu riba ba." Babur ya taka "ba" ta farko, ta ƙarshe kuma dattijo ya haɗiye ta. Da na bar shi haka, da na sa wa bawan Allah maganar da bai yi ba, alhali kuka yake da faɗuwar farashi. Yadda na gane kuwa, jimlar da ta biyo baya cewa ya yi "sai dai godiyar Allah", kuma wanda ya ci riba ba haka yake rufe zance ba. Don haka duk inda na ga zancen riba, biya, ko yarda, sai na koma na saurara sau biyu ina neman "ba".

Sai kuɗi. Ya ce buhu "jaka goma sha biyar", na'ura ta sa 15 kawai. Ni ina rubuta abin da bakinsa ya furta, kuma jaka a nan sefa 1,000 ce, wato 15,000 ke nan. Inda ya ambaci muskuwari, dawar rani da ake dasawa a karal, wato ƙasar laka mai riƙe ruwa, na'ura ta ƙirƙiro "mu su kwari", tunda kalmar ba ta saba da ita ba. Haka ta yi wa gaisuwarsa ta Fulatanci, "jam na", ta mai da ita "jama'a". Na mayar da su yadda ya faɗa, ban kuma gyara masa Hausarsa ta koma ta Kano ba.

Minti 7 da daƙiƙa 42 akwai kalma biyu da na saurara sau biyar ban ji ba. Na sa [ba a ji ba 07:42] na wuce, ban cike da zato ba. Gobe zan kai wa ɗan jaridar da ya yi hirar, shi da ya tsaya kusa da dattijon. Yanzu mu koma layi na 31, inda muryoyin biyu suka hau kan juna.