Wa zai yi, me zai yi, yaushe: yadda ake rufe wasiƙar imel ta aiki

(Lacca ce da aka gabatar ga ma'aikatan ofisoshi da na ƙungiyoyi a Sakkwato, aka rubuto ta daga faifan da aka naɗa, an ɗan gyara maimaice-maimaicen baki.)

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena, malamaina, 'yan'uwa maza da mata, ina yi muku barka da zuwa.

Yau ba zan yi magana kan gaisuwar farkon imel ba, ko tsawonsa, ko kyan Turancinsa. Layin ƙarshe kaɗai zan riƙe, wanda mutum ke karantawa kafin ya ajiye waya. Yawancin wasiƙun aikin da ke yawo tsakaninmu da abu ɗaya suke ƙarewa: "Let me know", ko da Hausa "a sanar da ni", ko "ina sauraronku". Magana ce mai ladabi, ba wanda zai ji haushinta. Sai dai ba ta ɗora wa kowa komai ba, shi ya sa aiki ke kwana a kanta.

Duk mai iyali ya san wannan. Ka zauna a tsakar gida yara shida na wasa, ka ce "wani ya kawo min ruwa". Kowa ya ji, kowa kuma yana jiran ɗan'uwansa ya tashi. Ka ce "Aliyu, kawo min ruwa yanzu", nan take ruwa ya zo. Ba rashin tarbiyya ba ne, haka mutum yake. Masana halayyar ɗan Adam biyu, John Darley da Bibb Latané, sun buga bincike a 1968 da ya nuna cewa idan mutum ya ɗauka akwai wasu da suka ji kiran neman taimako tare da shi, yiwuwar ya motsa da kansa tana raguwa. Nauyin yakan rarrabu har ya zama ba ya kan kowa. Imel ɗin da aka aika wa mutum biyar ba a kira sunan ko ɗaya ba, cikin wannan halin yake faɗawa.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. Sunayen da zan kira na misali ne kawai.

Mu ce ƙungiya ce a nan cikin gari za ta yi wa malaman firamare 40 bita a Bodinga ranar Litinin 20 ga Oktoba. Ana bukatar zauren taro, mai zauren kuma ya ce ba zai riƙe ranar ba sai an ba shi kafin alƙalami zuwa Juma'a. Jami'ar shirye-shirye, mu kira ta Hajiya Asabe, ta zauna ranar Talata ta rubuta wa mutum biyar: shugaba, akanta, mai kula da sayayya, da abokan aikinta biyu. Ta yi bayani mai kyau, ta haɗa takardun farashi na zaure biyu, ta rufe da cewa, "Don Allah a duba a sanar da ni da wuri."

To me zai faru? Akanta ya buɗe, ya ga sunan shugaba, ya ce ai sai Oga ya amince kafin in taɓa kuɗi. Shugaba ya buɗe a waya yana cikin mota, ya ga sunan mai sayayya, ya ce zaɓen zaure aikinsa ne. Mai sayayya ya ga Hajiya ta riga ta kawo farashi, ya ɗauka ta gama zaɓa, labari kawai take ba su. Ɗaya daga abokan aikinta ya danna Reply All ya rubuta "madalla". Kowannensu yana da hujja, ba wanda ya yi ha'inci. Hajiya kuwa tana ganin ta sauke nauyi tunda ta aika. Sai Juma'a bayan an sauko daga masallaci mai zaure ya kira ya ce ya ba masu biki.

Mu ce mai sayayyar shi ne Malam Bello, akantan kuma Malam Sani. Yanzu ga yadda ya kamata ƙarshen wasiƙar ya kasance:

"Malam Bello, ka zaɓi ɗaya cikin zaurukan nan biyu ka rubuto min sunansa kafin ƙarfe 12 na ranar Laraba 15 ga Oktoba. Ina ba da shawarar na farko, don yana da janareto. Malam Sani, da zarar na turo maka zaɓin, ka shirya takardar biyan kafin alƙalamin ka kai wa shugaba ya sa hannu kafin ƙarfe 2 na ranar Alhamis 16 ga wata. Ni zan kira mai zauren da safiyar Juma'a in tabbatar kuɗin sun shiga. Sauran da ke cikin wasiƙar, don ku sani ne kawai, ba a jiran komai daga gare ku."

Ku lura da abin da ya canja. Kowane aiki yana da mutum ɗaya. Ɗaya na ce, ba biyu ba. Da ta rubuta "Malam Bello da Malam Sani ku duba", ta koma inda ta fito. Ko da aiki na mutum uku ne, a ce wane ne zai kawo amsa. Wanda ake jira a sa shi a layin To, masu ganin kwafi a sa su a Cc, amma kada a dogara da wannan kaɗai, domin a waya mutane da yawa ba sa duba layin da sunansu ya faɗa. A cikin jimlar kanta za a kira suna.

Sai matakin da za a ɗauka. "Duba", "bibiya", "yi nazari", duk ba su da ƙarshe. Mutum zai iya duba takarda ya rufe, ya rantse ya duba, kuma gaskiyarsa. Gwajin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: idan ranar ta zo, da me zan gane an yi? In amsar ita ce zan ga sunan zaure a rubuce, ko sa hannu a takarda, ko alat na banki, to mataki ne. In ba abin da zan gani, ban nemi komai ba tukuna.

Kan rana zan ɗan daɗe, don nan ake yawan tuntuɓe. "Da wuri" ba rana ba ce. Wurin mai jiran zaure awa uku ne, wurin akantan da ke haɗa albashi mako guda ne. "Gobe" ma tana da matsala, saboda kai ka rubuta da daren Talata, shi ya buɗe da safiyar Laraba, gobenku ta zama biyu. "Ƙarshen mako" kuwa a garin nan wani Alhamis yake nufi, wani Juma'a kafin salla, wani Lahadi. Don haka a rubuta sunan rana, da kwanan wata, da sunan watan da haruffa, da ƙarfe nawa. Masu aiki da ƙungiyoyin waje su ƙara kula. Idan ka rubuta 10/11, a nan 10 ga Nuwamba muke karantawa, Ba'amurke kuma 11 ga Oktoba zai karanta, domin su wata suke fara sawa. Wata guda ke nan tsakaninku. Haka agogo: Nairobi na gabanmu da awa biyu, Yamai agogonmu ɗaya da su, Landan kuma wani lokacin daidai muke, wani lokacin suna bayanmu da awa ɗaya. Sai ka ƙara da "agogon Najeriya" ka huta.

Kuma ba daga kai ake ƙirƙiro rana ba. Hajiya Asabe daga Juma'ar mai zaure ta lissafo baya. Kuɗi na bukatar sa hannu, sa hannu na bukatar takarda, takarda na bukatar zaɓi. Ta bar wa kanta safiyar Juma'a ko da tura kuɗin zai maƙale. Wanda ke sa wa kowace wasiƙa "yau-yau" ba dalili, bayan ɗan lokaci mutane za su daina ɗaukar ranakunsa da muhimmanci, har ranar da gaggawar ta zama ta gaske.

A nan wani matashi daga cikin mahalarta ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, wanga magana gaskiya ce, amma ni ƙaramin ma'aikaci ne. Ta yaya zan rubuta wa Darakta, sa'an mahaifina, in ce ya yi abu kaza kafin ƙarfe kaza? Ai sai a ce ba ni da kunya."

Ɗana, na gode da wannan tambaya, don ita ce ainihin abin da ke sa mu ɓuya a bayan "a sanar da ni". Kunya ce da girmama na gaba, kuma ba zan ce ka zubar da su ba. Abin da za ka yi shi ne ka bar ranar ta fito daga bakin aikin, kada ta fito daga bakinka. Ka rubuta: "Ranka shi daɗe, mai zauren ya ce zai saki ranar idan kuɗi ba su shiga ba zuwa Juma'a 17 ga Oktoba. Abin da ya rage shi ne sa hannunka. In ka yarda, zan kawo takardar ofishinka ranar Alhamis da ƙarfe 10, ko in bar ta wurin sakatare idan hakan ya fi maka sauƙi." Ka ga ba ka umarce shi ba. Ka faɗa masa abin da ake jira daga gare shi, ka faɗi dalilin ranar, ka ɗauki zirga-zirgar a kanka, ka bar masa zaɓi. Babban mutum wasiƙu sun yi masa yawa. Wadda zai amsa da "to, kawo" ta fi masa sauƙi nesa ba kusa ba a kan wadda sai ya karanta sau biyu kafin ya gano abin da ake so. Ka sa "in sha Allah" ɗinka, wajibinmu ne, amma a gefen ranar za ta zauna, ba a gurbinta ba.

Wata baiwar Allah ta tambaya ko za a iya rubuta cewa in ba a ji amsa ba zuwa rana kaza, za a ci gaba da abu kaza.

Hajiya, ana iya yi, amma da iyaka. A ƙaramin abu da ke hannunki, wanda ana iya warware shi, kamar jerin sunayen masu jawabi ko lokacin shan shayi, ki rubuta "idan ban ji gyara ba zuwa azahar ɗin Laraba, zan buga jadawalin yadda yake". Hakan na hana aiki tsayawa. Amma a kan kuɗi, ko kwangila, ko duk abin da ke bukatar amincewar shugaba, shiru ba amincewa ba ne. Mai yiwuwa ba shi da data, ko yana ƙauye ba sabis, ko wasiƙar ta faɗa Spam. Ranar da masu binciken kuɗi suka zo, "bai ce a'a ba" ba za ta fitar da ke ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da layin ƙarshe ba zai iya yi ba. Ba ya tilasta wa kowa buɗe imel. Mun san a cikinmu akwai wanda sai ya kwana biyu bai leƙa ba, amma waya na ƙara sau ɗaya ya ɗauka. Irin wannan, ka aika imel don ya zama shaida a rubuce, sannan ka kira shi ka ce "na turo maka saƙo, sunanka na ƙasa, Laraba ake jira". Kuma kai da ka sa rana, ka sa wa kanka tunatarwa a waya. Idan ƙarfe 12 na Laraba ta yi ba amsa, kada ka buɗe sabuwar wasiƙa, kada kuma ka danna Reply All ka kunyata shi gaban mutane. Ka amsa a ƙarƙashin tsohuwar, zuwa gare shi shi kaɗai: "Malam Bello, sunan zauren nake jira don in miƙa wa Malam Sani. Zan leƙo ofishinka bayan la'asar." Sannan bayan la'asar ɗin ka je.