Hirar Kasuwa daga Agege: yadda ake tsare kaya har farashinsa ya faɗi

Rabi: Assalamu alaikum masu sauraro, sannunku da kasancewa tare damu, yau ma muna nan Agege, idan kunji ƙarar janareto kuyi haƙuri an ɗauke wuta ne tun la'asar. Ina tare da Yaya Auwal mai gyaran laftof a Computer Village can Ikeja, ga kuma Nura.

Nura: Sannu Anti Rabi, sannu Yaya. Ni yau tambaya nazo da ita, dan sati uku kenan kullum sai na buɗe Amazon ina leƙa wani SSD, wato ma'ajiyar bayanan kwamfuta, mai 1TB da nake so in sa a laftof ɗina, ko a cikin danfo nake sai na duba, farashin yana nan dala 75 baya motsi, data na kawai ke ƙarewa.

Auwal: To ai ba haka ake yi ba ƙanina, ba kai zaka riƙa gadin kaya ba, akwai masu gadin. Biyu ne waɗanda aka fi sani a Amazon, akwai Keepa akwai CamelCamelCamel, shi na biyun ekstenshan ɗinsa, wato ɗan ƙarin da ake sa wa burawza, sunansa The Camelizer. Ka saka Keepa a Chrome ko Firefox na kwamfuta, duk sanda ka buɗe shafin kaya zaka ga wani zane ya fito a ƙasan hoton kayan, yana nuna maka tarihin farashin, yadda ya hau da yadda ya sauka wata da watanni. Yana kuma turo maka alat, wato saƙo in farashi ya faɗi, amma wallahi ni wannan tarihin ya fi min alat ɗin kansa amfani.

Rabi: Me yasa? Ni na ɗauka alat ɗin shine maganar gaba ɗaya.

Auwal: Saboda alat lamba yake jira, kai zaka bashi lambar. Idan ka bashi lambar da kayan bai taɓa kaiwa ba, zaka zauna har shekara ta zagayo babu saƙo. Mutane da yawa haka suke, kaya na dala 75 sai mutum ya rubuta 40 dan abinda ransa ke so kenan, alhali ko a Black Friday kayan bai taɓa sauka ƙasa da 55 ba. Kafin ka rubuta komai sai ka buɗe zanen zuwa shekara guda ka zauna ka kalle shi da kyau. Bari mu ɗauki irin na Nura a matsayin misali. A ce ka duba ka ga yawancin lokaci layin yana kwance a 75, amma duk bayan sati shida ko bakwai yana gangarowa 60 ya kwana biyu ko uku ya koma, sau ɗaya tak ya taɓa 55 a ƙarshen Nuwamba. To 55 ɗin nan ba taka bace sai in zaka iya jiran Nuwamba. Taka itace 60 ɗin da ke dawowa a kai a kai. Kuma kar ka rubuta 60 cif, rubuta 61 ko 62, dan wani zuwan a 60.99 zai tsaya, kaga in ka sa 60 ya wuce ka saboda abinda bai kai dala ɗaya ba.

Nura: Amma Yaya na taɓa ganin zanen nan a wayar wani, layuka ne kala kala, ni ruɗewa nayi.

Auwal: Eh, kowane launi da mai shi. Mai ruwan lemo farashin Amazon ne da kansu, shuɗi na sauran 'yan kasuwa ne masu saida sabo a cikin Amazon, baƙi kuma na hannu ne, tokunbo kamar yadda muke cewa a nan. In ka danna Track product zai baka gurbi daban daban na kowane. Mu da kayanmu zai tsallako teku, na fi so ka cika gurbin Amazon, ko na sabo in ka yarda da mai saidawar, ka bar na hannu babu komai, in ba haka ba da tsakar dare saƙo zai shigo maka wai ya faɗi 45, ka tashi da murna ka tarar wanda wani ya yi amfani dashi ya maido ne. SSD kuwa rubutu yana cinye shi, baka san nawa aka ci daga rayuwarsa ba, kuma maida kaya daga Legas zuwa Amurka ba ƙaramin aiki bane.

Rabi: Ni abinda ya taɓa faruwa dani daban ne, kuma har yau yana min ciwo. Na sa alat a kan wani injin markaɗe, saƙo yazo, na biya da sauri, da kayan ya iso sai naga ƙaramin ne ba babban da nake so ba.

Auwal: Wannan kuskuren yana cin mutane sosai Anti. Shafi ɗaya kike gani amma kowane girma da kowane launi da lambarsa, ana ce mata ASIN, haruffa da lambobi guda 10, yawanci tana farawa da B0, zaki ganta a adireshin shafin bayan /dp/. Alat ɗin lambar yake bi, baya bin hoton. Dan haka Nura, sai ka danna 1TB tukuna, ka ga adireshin ya canza, sannan ka sa alat, in ba haka ba na 500GB kake gadi baka sani ba. Ranar da saƙo yazo ma ka sake karanta sunan kayan kafin ka biya.

Nura: Toh na gane. Kenan in ya faɗo 60 in saya kawai.

Auwal: A'a tsaya, nan ne ainihin maganar ga mu 'yan Legas. Keepa dala ya sani, bai san naira ba, bai san kuɗin mai kawo maka kaya ba, bai san haraji ba. Kai kuwa naira zaka fitar. Shi yasa ni daga baya nake faro lissafi, daga Ikeja. In tambaya nawa zan samu irinsa, na gaske ba jabu ba, a layin Otigba na Computer Village yau, a ce an ce min naira 125,000. To in ba zan rage aƙalla dubu goma ba me zai sa in jira sati biyu ko uku kaya na hanya, babu kuma wanda zan riƙe in ya lalace? Kenan iyakata 115,000. Sai in duba nawa katina ke cire min a kan dala ɗaya, ba farashin da ake faɗa a labarai ba, wanda ake cirewa da gaske, mu ƙaddara 1,550. Raba 115,000 da 1,550 ya baka kusan dala 74. Cire kuɗin mai jigila, ƙaramin kaya irin wannan a ce dala 8, saura 66. Sai haraji, in adireshin mai jigilarka a Houston yake, harajin saye a can kashi 8.25 ne cikin ɗari, in a Delaware yake babu wannan harajin. Mu ɗauka Houston ne, 66 ɗin nan in ka zare haraji ya koma kusan 61. To 61 ɗin itace lambar da zaka baiwa alat.

Rabi: Ikon Allah, kuma ta zo daidai da abinda tarihin ya nuna.

Auwal: Shi yasa wannan ya cancanci jira. Da lissafin ya bani 48 kuma tarihi yace kayan bai taɓa sauka ƙasa da 55 ba, shikenan na rufe laftof na taka ƙafa na saya a layinmu, babu amfanin alat ɗin. Sannan lambar ba a sa ta a manta. Ku tuna Yunin 2023 da aka saki naira, dala tana wajen 460 a banki, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya zauna yana jiran ragin dala goma a lokacin asara yayi mai yawa. Ko a misalinmu, dala 60 da haraji da jigila ya kama 73, a 1,550 naira 113,150 kenan, amma in dala ta koma 1,700 kafin saƙon yazo ya zama 124,100, ribar ta tafi, kusan daidai yake da na Ikeja. Duk sanda canji ya motsa sosai ka sake lissafin ka gyara lambar.

Nura: Ni matsalata waya nafi riƙewa, kuma na nemi wajen saka ekstenshan a Chrome na waya ban gani ba.

Rabi: Babu shi ai, Chrome na Android baya ɗaukar ekstenshan. Ni abinda nake yi, in kwafi adireshin kayan in liƙa a shafin CamelCamelCamel, in rubuta farashin da nake so da imel ɗina, kyauta ne. Sai dai ka duba kar saƙon ya faɗa cikin Spam, dan na farko da aka turo min can ya kwana.

Auwal: Keepa ma yana da manhajar waya, kuma yana turawa ta Telegram, ni ita nake amfani da ita dan imel sai dare nake buɗewa. Saurin gani yana da muhimmanci, su ba kowane daƙiƙa suke dubawa ba, wani ragin kuma na 'yan awanni ne, ga bambancin lokaci, in yamma tayi a Amurka mu tsakar darenmu ne. Dan haka kuɗin ya kasance a cikin katin tun kafin saƙo yazo, adireshin mai jigila yana ajiye a akawun, kar sai farashi ya faɗi ka fara neman wanda zai saida maka dala.

Nura: Jumia da Konga fa? Dan yawancin masu jinmu can suke saye.

Auwal: Waɗancan biyun Amazon kawai suka sani. A nan gida sai ka nemi mai gadin shafi irin Distill Web Monitor, ka buɗe shafin kayan, ka zaɓi daidai wajen da aka rubuta farashin, ka ce masa ya riƙa dubawa duk bayan awa kaza, in lambar ta canza ya sanar da kai. Ka zaɓi lambar kaɗai fa, in ka zaɓi shafin duka kowace talla ta canza sai ya buga maka ƙararrawa. Kuma in a burawzarka yake dubawa sai kwamfutar tana kunne da data, NEPA ta ɗauke batir ya mutu gadi ya tsaya. Babban bambancin shine baya zuwa da tarihi, daga ranar da ka sa shi yake fara ƙirga, shi yasa mai jiran Black Friday na Nuwamba ya kamata ya sa tun Satumba, ranar da wani ɗan kasuwa ya rubuta ragin kashi 30 sai ka duba abinda ka tara ka ga ko da gaske ne, ko kuwa ƙarawa yayi a Oktoba ya dawo da shi inda yake.

Rabi: Nura kana ta danne danne, har ka sa ne?

Nura: Na kwafi adireshin dai, na danna 1TB tukuna kamar yadda Yaya yace, saura in ji farashin Ikeja kafin in rubuta lamba.

Auwal: Ka biyo ta shago gobe bayan azahar mu zaga wajen mutum uku mu tambaya, ka taho da laftof ɗin ma in buɗe in gani ko ramin M.2 gareshi ko na SATA, kar muyi ta gadin abinda ba zai shiga ba.