Maɓallin Fn: dalilin da haske da sauti suke buƙatarsa, da yadda ake juya tsarin

Jama'a, assalamu alaikum. Ku dubi layin sama na maɓallan kwamfutar hannu, daga F1 zuwa F12, za ku ga da yawansu suna ɗauke da ɗan zane, kamar na rana ko na lasifika. Kowane maɓalli a nan aiki biyu gare shi. Aikin farko ya girmi zanen, domin tun a 1981 kwamfutar IBM PC ta zo da F1 zuwa F10, kuma har yau a Windows F2 yana sauya sunan fayil, F5 yana sabunta shafi. Da aka rasa wurin ƙara maɓallan haske da sauti a ƙaramar kwamfuta, sai aka ɗora su a kan waɗannan, aka sa Fn ya riƙa zaɓar aiki na biyu.

Abin lura shi ne, a yawancin kwamfutoci Windows ba ya ganin Fn ko kaɗan. Wani ƙaramin guntu a cikin kwamfutar ne yake karanta shi, ya yanke saƙon da zai aika, shi ya sa mutum zai duba saitunan Windows kaf bai samu wurin juyawar ba.

Ku fara da hanya mai sauƙi. A yawancin Dell da Lenovo ThinkPad, ku riƙe Fn ku danna Esc sau ɗaya domin juya tsarin, musamman idan akwai zanen kwaɗo ko rubutun FnLock a kan Esc ɗin. Maimaitawa tana mayar da tsarin yadda yake.

Mu ɗauki HP irin wadda ake saye ta hannu a nan Maraɗi, ko maɓallanta AZERTY ne ko QWERTY. Ku kashe ta, ku kunna, ku yi ta danna F10 tun kafin Windows ya tashi, har shafin BIOS, wato saitunan kwamfutar ita kanta, ya buɗe. A da yawa daga cikinsu, ƙarƙashin System Configuration za ku tarar da Action Keys Mode. Idan yana kan Enabled, haske da sauti ba sa buƙatar Fn. Idan yana kan Disabled, sai an haɗa da shi. Ku sauya wannan kaɗai, kada ku taɓa sauran, sannan ku adana kafin ku fita.

A ganina, mai kallon bidiyo da mai yawan rage haske domin batir idan an ɗauke wuta su zaɓi Enabled. Amma sakatare ko mai lissafin kanti da yake yini a Excel, inda F2 yake buɗe akwati don gyara, F4 kuma yake sa alamar $ a cikin lissafi, gara ya bar shi a Disabled.

Idan sauti yana amsawa amma haske ya ƙi, ko da Fn ko babu, matsalar ba ta juyawa ba ce. Sau da yawa an sake sa Windows ne ba a sa direban hoto ba, wato manhajar da take ba Windows damar sarrafa allon, kuma ana samun sa a shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ta hanyar lambar samfurin da take rubuce a ƙarƙashinta.